Muhawara: Ta yaya za a gina samfurin PowerPoint na kamfani wanda ma'aikata za su yi aiki da shi ba tare da mai zane ba?

'Yar Obalende:

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin PowerPoint sosai. Ina aiki a sashen gudanarwa na wani kamfanin fiton kaya da ke Apapa, kuma da wuya mako ya wuce ba tare da wani daga cikinmu ya gabatar da bayani ba, ko dai ga abokan ciniki ko kuma ga shugabanni. A da akwai mai zane da muke biya duk lokacin da buƙata ta taso, amma yanzu an yanke shawarar cewa kowane ma'aikaci ya riƙa haɗa shafukansa da kansa, kuma ni aka ɗora wa nauyin samar da samfuri guda wanda kowa zai bi.

Abin da na yi shi ne na ɗauki gabatarwa mafi kyau da mai zanen ya taɓa yi mana, na goge rubutun da ke ciki, na bar tambarinmu a kusurwar kowane shafi, sannan na tura wa kowa. Ga abin da ya biyo baya. Idan mutum ya danna New Slide, sai shafin ya fito fari fat, babu tambari, babu launinmu. Idan ya saka zanen ƙididdiga, sai ginshiƙan su fito da launukan da ba namu ba. Wasu sun ja tambarin har ya miƙe ya ɓata kamanninsa. Kuma da aka buɗe ɗaya daga cikin fayilolin a kwamfutar shugabanmu, haruffan sun canza, kanun shafuka sun zubo sun hau kan rubutun ƙasa. Launukanmu biyu ne, shuɗi mai duhu da ruwan lemo. Ta ina ya kamata in fara?

Ɗan Agege:

Wa alaikumus salam. Hajiya, maganin wannan yana da sauƙi a ganina. Ki haɗa tambarin da layukan ado da launin baya su zama hoto guda, ki sa hoton ya zama bangon shafi ta Format Background. Daga nan babu wanda zai iya taɓa tambarin ko ya ja shi, domin ya zama bango. Haka muka yi a makarantar da nake koyarwa, kuma tun daga lokacin ba a sake motsa mana tambari ba.

Malam na Idi-Araba:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Shawarar Ɗan Agege za ta hana jan tambari, amma matsala ɗaya kawai ta magance daga cikin huɗun da Hajiya ta lissafa, kuma tana jawo wata sabuwa: tambarin da aka narka cikin hoton bango yakan yi dishi-dishi a babban allo, kuma ranar da aka canza shi sai an sake zana hoton gaba ɗaya. Akwai hanyar da ta fi wannan, kuma ita ce ainihin amsar tambayar.

Hajiya, abin da kika raba wa ma'aikata gabatarwa ce da aka yi wa ado, ba samfuri ba ne. Kin ba su bulo guda mai kyau, alhali abin da suke buƙata shi ne abin buga bulon. Duk adon da mai zanenku ya yi yana zaune ne a fuskar kowane shafi, shi kuwa PowerPoint ba ya duba fuskar shafukan da suka gabata idan zai ƙirƙiro sabo. Yana komawa ne can ciki, wurin da ake kira Slide Master, wanda za ki samu a ƙarƙashin View. Idan kika buɗe shi za ki ga babban shafi guda a sama ta hagu, shi ne uwar shafuka, sannan ƙanana a jere a ƙarƙashinsa, waɗanda su ne fasalolin da mutum yake zaɓa idan ya danna Layout. Ina da yaƙinin cewa idan kika buɗe naku za ki tarar da shi fari, yadda ya zo daga masana'anta, da fasaloli goma sha ɗaya na asali waɗanda ba a taɓa ba. Wannan shi ya sa sabon shafi yake fitowa babu komai.

Duk abin da kika ɗora a kan uwar shafuka yana sauka a kan fasalolin da ke ƙarƙashinta, daga nan ya sauka a kan shafukan da ma'aikata suke rubutu a kai, kuma daga can ba za su iya danna shi ba balle su ja shi. Saboda haka tambari a nan yake zama, sau ɗaya tak, a matsayin fayil ɗin SVG ko PNG mai tsabta. Amma kada ki fara da tambari. Ki fara da launi, domin a kansa sauran aikin yake tsayawa. Ki turo mana lambobin launukanku guda biyu idan kina da su.

Alhajin Alaba Rago:

Salamu alaikum. 'Yata, idan maganar launin kamfani ce, ni na daɗe ina buga kalanda da takardun wasiƙa da allunan talla a Shomolu, kuma abin da na koya shi ne kada ki yarda a buga miki da yawa sai kin ga gwaji guda da idonki. Ki nemi maɗaba'ar da ta buga muku katunan shaida, za su ba ki lambobin launin, huɗu ne kowane launi, su ne ake haɗa tawada da su.

Malam na Idi-Araba:

Allah ya ƙara girma, Alhaji. Hajiya ba bugawa za ta yi a takarda ba, a allo da majigi za a nuna shafukan, amma maganarka ta taɓo wani abu da yake ruɗa mutane da yawa. Lambobi huɗun da maɗaba'a take bayarwa na CMYK ne, wato ma'aunin tawada. Allo kuwa da haske yake aiki, kuma PowerPoint yana karɓar RGB ko Hex. Idan aka juya lambobin tawada kai tsaye zuwa na allo, sau da yawa launin yakan fito a dushe. Abin da ya fi shi ne a ɗauko lambar daga asalin fayil ɗin tambarin da mai zane ya bayar.

'Yar Obalende:

Na gode, Alhaji, na gode Malam. Na buɗe Slide Master, kuma yadda ka faɗa haka na tarar da shi, fari ne babu komai. Na kuma sami lambobin a cikin takardar da mai zanen ya bar mana. Shuɗin shi ne 0B2545, ruwan lemon kuma F28C28.

Malam na Idi-Araba:

Madalla. To, kina cikin Slide Master, ki danna Colors, sannan Customize Colors a can ƙasa. Za ki ga gurabe goma sha biyu. Huɗu na farko na rubutu da bango ne, wato Dark 1 da Light 1 da Dark 2 da Light 2. Shida na gaba su ne Accent 1 zuwa Accent 6. Biyun ƙarshe na rubutun da ake dannawa ya kai mutum wani shafi ne. Abin da ya kamata ki riƙe shi ne jerin yana da ma'ana. Duk siffar da ma'aikaci ya zana tana ɗaukar Accent 1 da kanta, tebur ma haka, zanen ƙididdiga kuwa yana bin su ne ɗaya bayan ɗaya, rukunin farko ya ɗauki Accent 1, na biyu Accent 2, har zuwa na shida. Wannan shi ne dalilin da ginshiƙanku suke fitowa da launukan da ba naku ba: gurabe shidan nan har yanzu suna riƙe da launukan Office.

Ga yadda zan jera naku. Light 1 fari, Dark 1 baƙi ko toka mai duhu sosai domin rubutu. Dark 2 ki sa shuɗinku, Light 2 kuma toka mai haske ƙwarai domin bangon akwatunan bayani. Accent 1 shuɗinku, Accent 2 ruwan lemon. Na fifita shuɗin a gaba ne saboda dalili na lissafi. Rubutun da yake shiga cikin sabuwar siffa fari ne, kuma ƙa'idar WCAG, wadda aka tsara domin kowa ya iya karanta rubutu a allo, ta nemi bambancin haske tsakanin rubutu da bangonsa ya kai 4.5 bisa 1 ga rubutu na yau da kullum, 3 bisa 1 ga manyan haruffa. Fari a kan shuɗinku ya haura 15 bisa 1, wato yana fita sarai. Fari a kan ruwan lemonku kuwa kusan 2.5 bisa 1 ne kawai, bai kai ko ma'aunin manyan haruffa ba, kuma a ɗakin taron da rana take shigowa ta taga, na baya ba zai iya karanta shi ba. Idan lallai sai an yi rubutu a kan ruwan lemon, a yi shi da shuɗin, wannan ya haura 6 bisa 1.

Sauran gurabe huɗun su ne inda ake yin sakaci. Kada ki bar su yadda suke, domin ranar da wani ya zana ƙididdigar kwantenonin da suka fita daga Apapa da Tin Can da Lekki a zane guda, rukuni na uku zai fito da baƙon launi. Ki cika su da launukan da suke zama lafiya da naku, misali shuɗi matsakaici, toka, shuɗi mai haske da ruwan ƙasa, kuma ki tabbatar maƙwabta biyu a jerin ba su yi kama da juna ba. Ki ba jerin sunan kamfaninku ki ajiye. Daga nan duk wanda ya buɗe akwatin zaɓen launi, layin farko da zai gani a ƙarƙashin Theme Colors naku ne, kuma yawancin mutane abin da ke kusa da hannunsu suke ɗauka.

Maman 'Yan Biyu:

Assalamu alaikum. Ina bin wannan bayani da kyau domin mu ma mun sha fama da shi. Ina aiki da wata ƙungiyar kiwon lafiyar mata a Ikeja, kuma muna gabatar da bayanai da Turanci da Hausa da Yarbanci, saboda muna shiga unguwanni irin su Agege da Mile 12. An tsara mana samfuri da wasu haruffa masu kyau da aka saya da kuɗi, amma da muka rubuta Hausa sai muka ga ƙ da ɗ da ɓ sun fita daban a tsakiyar kalma, sirara kuma gajeru, kamar an aro su daga wani wuri. A Yarbanci ma ẹ da ọ da ṣ haka suka yi, alamar ₦ ita ma ta ƙi zama daidai. A ƙarshe ma'aikatanmu suka koma rubuta k da d da b babu lanƙwasa, abin da ni ban ji daɗinsa ba ko kaɗan, domin a bayanin lafiya bai kamata a bar mai karatu yana laluben ko wace kalma ake nufi ba. Ina so Malam ya taɓo wannan kafin Hajiya ta zaɓi nata haruffan.

Malam na Idi-Araba:

Maman 'Yan Biyu, abin da kika gani aro ne kuwa na gaske. Idan nau'in haruffan da aka zaɓa ba shi da wani harafi, kwamfuta takan ɗauko shi daga wani nau'in ta cike gurbin ba tare da ta sanar da kowa ba. Abin da ya faru a kwamfutar shugaban su Hajiya ɗan uwan wannan ne, sai dai shi ya fi girma: nau'in haruffan gaba ɗaya ne babu a kwamfutarsa, sai PowerPoint ya musanya shi da wani mai faɗi, kanun da ya shiga layi ɗaya ya koma layi biyu ya sauko kan rubutun ƙasa.

Saboda haka, kafin a zaɓi kowane nau'i, a rubuta layin gwaji guda da shi, a ƙara masa girma, a duba da ido, a na yau da kullum da kuma mai kauri. Ni wannan nake amfani da shi:

```
Ƙasa ɗaya, ɓangare uku: Ɗ Ɓ ƙ ẹ ọ ṣ ₦250,000
```

Arial da ke cikin Windows na yanzu yana da waɗannan haruffa, Noto Sans ma yana da su kuma kyauta ne. Bayan an zaɓa, a cikin Slide Master ɗin dai za a danna Fonts, sannan Customize Fonts, a cika gurabe biyu, Heading font na kanu da Body font na sauran rubutu. Ga kamfani irin na su Hajiya, wanda yake tura fayil ga abokan ciniki a waje, shawarata ita ce a ɗauki nau'in da yake kan kowace kwamfuta, ko da bai kai na mai zanen kyau ba. Ko Aptos, wanda Microsoft ya maye gurbin Calibri da shi a matsayin na asali, ba a samunsa a tsofaffin Office irin su Office 2016 da 2019.

Ɗan Agege:

Malam, a nan kam ban yarda da kai gaba ɗaya ba. Haruffa suna cikin abin da ake gane kamfani da shi, kuma idan kowa ya koma Arial ai shafukan kowa za su zama iri ɗaya. Akwai mafita a cikin PowerPoint ɗin kansa: File, Options, Save, a sa alama a Embed fonts in the file. Haruffan za su tafi tare da fayil ɗin duk inda ya je.

Malam na Idi-Araba:

Gaskiya ne akwai wannan, kuma yana aiki a wurare da yawa, amma yana da iyaka uku. Na farko, ba kowane nau'i ne lasisinsa ya yarda a cusa shi cikin fayil ba, kuma wasu sun yarda a karanta da su kawai, ba a gyara rubutu ba. Na biyu, akwai zaɓi biyu a wurin, kuma wanda yake cusa haruffan da aka yi amfani da su kaɗai bai dace da samfuri ba, tunda ba ka san abin da ma'aikaci zai rubuta gobe ba. Sai an zaɓi Embed all characters, wanda yake ƙara wa fayil nauyi. Na uku, wanda ya buɗe fayil ɗin a Google Slides ba zai amfana da cusawar ba, domin shi da jerin haruffansa yake aiki. Idan duk kwamfutocin kamfani suna hannun sashen fasaha guda wanda zai girka nau'in a kowacce, kuma abin da yake fita waje PDF ne kawai, to ina tare da kai. Idan ba haka ba, na fi son shafi marar ƙawa wanda ya tsaya yadda aka bar shi.

Ɗan Agege:

To, ni dai har yanzu ina ganin za a iya raba su, kanu ya ɗauki haruffan kamfani, sauran rubutu ya ɗauki Arial. Idan an sami matsala, a kanu kaɗai za ta tsaya.

'Yar Obalende:

Malam Ɗan Agege, ai a kanun ne matsalar ta same mu. Zan kai wa shugabanmu zaɓin biyu ya yanke. Na gama saka launukan, kuma na gwada zanen ƙididdiga, ya fito da shuɗinmu da ruwan lemonmu ba tare da na taɓa komai ba. Na ɗora tambarin a kan uwar shafuka, ya bayyana a ko'ina. Yanzu fasalolin nan goma sha ɗaya, in bar su duka ne ko in rage?

Malam na Idi-Araba:

Kada ki yanke wannan daga kanki, ki bar aikin ofishinku ya faɗa miki. Ki tara gabatarwar da aka yi a watannin baya, kamar goma ko fiye, ki duba irin shafukan da suke maimaituwa. A kamfani irin naku ina tsammanin za ki ga shafin buɗewa, shafin raba sashe, kanu da rubutu, rubutu a gefe da zanen ƙididdiga a gefe, tebur na farashi ko na lokutan isowar jirage, hoto babba da ɗan bayani, sai shafin rufewa mai adireshi. Bakwai ke nan. Ki ƙara Title Only domin abin da bai shiga ko'ina ba. Sauran ki goge su. Idan wani ya ƙi goguwa, akwai shafin da yake amfani da shi ne, sai ki sauya wa shafin fasali tukuna. Ki kuma sake musu suna da Rename, da kalmomin da ma'aikata suke fahimta.

Amma ga wurin da na fi so ki natsu. A cikin fasali, akwai bambanci babba tsakanin Text Box da abin da ake sakawa ta Insert Placeholder. Idan kika zana Text Box a kan fasali kika rubuta "Sa kanu a nan", zai bayyana a shafin ma'aikaci a daskare, ba zai iya gogewa ko rubutu a ciki ba. Gurbin da aka saka ta Insert Placeholder shi ne yake buɗe wa mai aiki, ya karɓi rubutu ko hoto ko tebur ko zanen ƙididdiga, kuma ya riƙe girman da wurin da kika ba shi. Gurbin hoto yana da wata fa'ida ta musamman: kowane irin hoto aka jefa masa, ko na waya ne da aka ɗauka a tsaye a bakin tasha, zai yanke shi ya cika gurbin ba tare da ya miƙar da shi ba. Sannan rubutun da kika sa a cikin gurbi a matakin fasali yana zama umarni ga ma'aikaci, misali "Rubuta sakamakon a jimla ɗaya", yana ɓacewa da zarar ya fara rubutu, kuma ba ya fitowa a lokacin nunawa.

Game da awo, shafin 16:9 yana da faɗin santimita 33.87 da tsayin 19.05. Ni nakan bar kimanin santimita 1.5 a kowane gefe babu komai, in ja layukan jagora a kan uwar shafuka domin su bayyana ga kowa idan ya danna Alt+F9. Girman haruffan kanu maki 28, na rubutu maki 18, kuma gurbin kanun ya zama mai zurfin da zai ɗauki layi biyu, domin ma'aikata za su rubuta dogon kanu ko kin so ko ba ki so ba. Waɗannan duka a kan uwar shafuka ake saita su, ba a kan kowane fasali ɗai-ɗai ba, in ba haka ba ranar da kika so canza girman kanu sai kin bi guda takwas. A shafin buɗewa, inda kike son tambari babba a kan shuɗi, ki sa alama a Hide Background Graphics domin ƙaramin tambarin ya ɓoye, ki ɗora farin nau'insa a fasalin kaɗai.

Maman 'Yan Biyu:

Ina da ƙari a kan maganar girman rubutu. A namu samfurin, idan mutum ya cika rubutu da yawa, haruffan suna ƙanƙancewa da kansu har su koma ba a iya gani daga kujera ta uku. Na ji an ce ana iya kashe wannan.

Malam na Idi-Araba:

Ana iyawa. A cikin Format Shape, ƙarƙashin Text Box, akwai Shrink text on overflow da Do not Autofit. Ni na fi son na biyun a gurbin rubutu, domin idan rubutun ya zubo ya wuce iyaka, mai shi zai gani da idonsa cewa ya cika, ya rage ko ya raba shafin biyu. Akwai abokan aikina da suke ganin akasin haka, suna cewa ma'aikacin da yake sauri ba zai rage komai ba, zai bar rubutun ya hau kan tambari ne kawai, don haka gara ya ƙanƙance. Ya danganta da mutanen da kike aiki da su.

Alhajin Alaba Rago:

Yanzu na gane inda aka dosa. Amma Malam, ina da tambaya irin ta 'yan kasuwa. Bayan an gama duk wannan wahala, me zai hana yaro guda ya buɗe fayil ɗin ya rubuta nasa a kai ya ajiye, ya lalata wa kowa?

Malam na Idi-Araba:

Tambaya ce mai kyau, Alhaji. Idan an gama, ba a ajiye shi a matsayin gabatarwa ta yau da kullum ba. A Save As ake zaɓar PowerPoint Template, wanda sunansa yake ƙarewa da .potx. Idan aka danna irin wannan fayil sau biyu, sabuwar gabatarwa ce marar suna take buɗewa, asalin yana nan ba a taɓa shi ba. Wanda ya ajiye shi a jakar Custom Office Templates da ke cikin Documents zai riƙa ganinsa duk lokacin da ya danna New. Asalin kuma ya zauna a wuri guda da kowa zai iya ɗauka amma mutum ɗaya ko biyu kaɗai suke iya canzawa, kuma a sa kwanan wata a sunansa. Dalilin kwanan watan shi ne kowace gabatarwa tana tafiya da kwafinta na samfurin, saboda haka gyaran da Hajiya za ta yi wata mai zuwa ba zai shiga fayilolin da aka riga aka fara ba.

Sai dai in faɗi gaskiya, samfuri ba ya hana mutum canza launi ko haruffa idan ya nace. Abin da yake yi shi ne ya sa hanyar da ta dace ta zama ita ce mafi sauƙi. Kuma babbar ƙofar da ɓarna take shigowa ita ce kwafo shafuka daga tsofaffin fayiloli. Idan mutum ya liƙa shafi ya zaɓi Keep Source Formatting, shafin yana jawo tsohuwar uwar shafukansa gaba ɗaya cikin sabon fayil. Alamar hakan ita ce idan aka danna Layout aka ga rukuni biyu ko uku na fasaloli, ko sunaye masu farawa da 1_ da 2_. Abin da za a koya wa ma'aikata shi ne Use Destination Theme, sannan su zaɓi fasalin da ya dace su danna Reset, wanda yake mayar da kowane gurbi wurinsa da kamanninsa na asali.

Hajiya, kafin ki raba, ki yi gwaji biyu. Ki buɗe Outline View a ƙarƙashin View: rubutun da yake cikin gurabe ne kaɗai zai bayyana, duk shafin da kika ga babu kanu a jerin, to kanunsa a Text Box yake. Sannan ki sauya jerin launuka zuwa wani daban na ɗan lokaci. Duk abin da ya ƙi canzawa, an shafa masa launi ne da hannu, ba daga jerin ba, sai ki gyara shi ki dawo da naku.

'Yar Obalende:

Na yi gwajin biyu. Na farkon ya wuce lafiya, na biyun ya nuna mini layin ado guda a shafin raba sashe wanda bai canza ba, na gyara shi. Na kuma ba wani abokin aiki daga sashen kuɗi samfurin ba tare da na yi masa bayani ba, na ce ya haɗa rahoton wata mai shafi shida ina kallo. Ya yi amfani da fasalolin daidai, amma a wuri biyu ya tsaya. Lambar shafi ba ta fito ba sai da muka shiga Insert, Header & Footer, muka sa alama a Slide number muka danna Apply to All. Sannan yana son ya nuna manyan lambobi uku a jere, kuɗin shiga da kuɗin fita da ragowa, bai sami fasalin da ya dace ba, sai ya zana akwatuna da hannu, kowanne da girmansa.

Malam na Idi-Araba:

Wannan gwajin ya fi nawa biyun amfani. Ki kunna lambar shafin a cikin samfurin kansa kafin ki sake ajiyewa, ki bar shafukan misali biyu ko uku a ciki waɗanda suke ɗauke da ita. Fasalin lambobi uku kuma ki ƙara shi, gurabe uku masu girma ɗaya na lamba, uku a ƙarƙashinsu na bayani, ki daidaita tazararsu da Distribute Horizontally.

Maman 'Yan Biyu:

Saura matsala guda da ni har yanzu ban ga bakin zarenta ba. Rabin ma'aikatanmu na fili ba su da kwamfuta, a waya suke gyara shafuka da WPS Office, wasu kuma a Google Slides, sau da yawa suna cikin mota a kan hanyar zuwa wurin taro. Na san Google Slides yana da nasa wurin gyaran uwar shafuka a Slide, Edit theme, amma ba na son mu riƙe samfuri biyu, domin na tabbata bayan 'yan watanni za su bambanta. Hajiya, idan naku ya kammala, don Allah ki buɗe shi a waya ki gaya mana ko gurbin hoton da fasalin lambobi ukun sun tsaya a wurinsu.

'Yar Obalende:

Zan gwada a wayata da ta wani direbanmu mai WPS Office in sha Allah, in turo hotunan allon a nan. Maganar haruffan kanu kuma tana teburin shugabanmu, bai ba da amsa ba tukuna, don haka na bar Arial a gurabe biyun har sai ya yanke.